Yara 60 a fili ɗaya: yadda za a ɗumama musu jiki kafin tsere

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin wasanni ne a wata ƙaramar sakandare, wannan ne zangona na biyu a aiki. Ajin da nake fita da shi fili yara 60 ne, maza da mata, 'yan shekara 12 zuwa 14, darasin kuma minti 40 ne da safe. Nakan sa su zagaya fili sau biyu, sannan su yi da'ira su miƙe ƙafafu ina ƙirga musu. Rabinsu wasa kawai suke yi. Makon jiya muna gwajin tseren mita 100 saboda gasar gidaje, wani yaro ya dafe bayan cinyarsa ya faɗi, har yau ɗingishi yake yi. Shugaban makaranta ya ce ban iya ɗumama jiki ba. Me zan gyara?

Malamin wasanni, daga jihar Katsina

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba yaron lafiya. Kafin mu shiga batun fili, a tambaye shi inda ciwon yake. Idan tsakiyar naman cinya ne, galibi tsoka ce ta ɗan yage, kuma hutu da lallaɓawa za su warkar da ita. Idan kuwa ya nuna can sama, daidai ƙashin da mutum ke zama a kansa, ko ya ce ya ji wani abu ya yi ƙas lokacin da yake gudun, ko kuma zama a benci na yi masa zafi, to a kai shi asibiti a ɗauki hoton wurin. A wannan shekarun ƙashi bai gama haɗewa ba, kuma tsoka kan iya fizge ɗan ɓallin ƙashin da take maƙale da shi. Irin wannan ba a murza shi, ba a ja shi.

Shugabanku ya faɗi gaskiya ta wani ɓangare, amma ba kai kaɗai ba ne. Zagaye fili da miƙa a tsaye shi aka koya wa yawancinmu, kuma an daɗe ana ɗauka shi ne rigakafin rauni. A shekarar 2000 aka wallafa wani gwaji da aka yi kan sabbin sojoji 1,538 a Ostareliya. Dukkansu suna ɗumama jiki kafin atisaye, amma rabinsu ana ƙara musu miƙe tsokokin ƙafa a tsaye, daƙiƙa 20 kowace tsoka. Bayan mako 12 bambancin raunin da aka samu tsakanin ɓangarorin biyu bai taka kara ya karya ba. Ban da haka, binciken da ya biyo baya ya nuna idan aka riƙe tsoka a miƙe har minti guda ko fiye, ƙarfinta yakan ɗan ragu na wani lokaci. Gajeriyar miƙa ba ta cutarwa, kada ka ji tsoronta. Illarta a darasinka ita ce tana cinye mintunan da ya kamata jiki ya yi yana motsi, kuma yaron da ke tsaye cikin iskar hunturu yana taɓa yatsun ƙafa sanyi yake sha.

Abin da ake nema a ɗumama jiki shi ne zafin tsokar kanta ya hau. Minti 10 na motsi ba tsayawa kan ɗaga shi da wajen digiri 2 zuwa 3, kuma tsoka mai ɗumi ta fi saurin takurewa da saki, gaɓoɓi ma sun fi sakin jiki. Amma zafi kaɗai bai isa ba. Tsokar bayan cinya ba ta cika yagewa lokacin da ƙafa ke tura ƙasa ba. Tana yagewa ne a ɗan lokacin da mai gudu ya wurga ƙafarsa gaba, kafin ta sauka, domin a nan tsokar tana miƙewa kuma tana taka wa ƙwauri birki a lokaci guda. Sassarfar zagaye ba ta kai ƙafa wannan matsayi, miƙa a tsaye kuma ba ta koya mata birkin. Yaron da ya tashi daga sassarfa ya faɗa gudun ƙure kai tsaye, karon farko da tsokarsa za ta yi wannan aiki a ranar shi ne da dukan ƙarfinsa.

Saboda haka tsarin daga ƙarshe ake faro shi. Ka zauna da takarda ka tambayi kanka wane motsi ne mafi tsanani a darasin yau. Idan tsere ne, amsar ita ce gudun ƙure. To, minti 10 ɗinka matakala ce daga tafiya zuwa wannan gudun, kowane mataki ya ɗan fi na baya sauri ko faɗin motsi. Wani mai horar da 'yan wasa a Birtaniya, Ian Jeffreys, ya tsara wannan a 2007 zuwa hawa-hawa: a fara ɗaga zafin jiki da numfashi, a tayar da tsokokin da za su yi aiki tare da juya gaɓoɓi iyakar faɗinsu, a ƙarshe a kusanci ainihin saurin wasan. Ba wani sirri a ciki. Wahalar tana wajen yin sa da yara 60, kuma a nan ne nake ganin yawancin malamai ke faɗuwa, har waɗanda suka san motsin da ya dace.

Mu yi lissafi. A ce ka jera su layi 2, kowane layi yara 30, kana sakin biyu-biyu duk bayan daƙiƙa 4 su tsallaka mita 15. Kafin na ƙarshe su tashi an ci kusan minti 2. Kowane yaro ya yi aikin daƙiƙa 10 ya tsaya sauran. Motsi 5 sun cinye minti 10, yaro kuwa bai yi aikin minti ɗaya cikakke ba. Wannan layin famfo ne, kuma duk inda yara suka yi layin famfo sai an yi ture-ture. Wasan da suke yi maka ba taurin kai ba ne, rashin abin yi ne.

Yanzu ka mayar da su layi 12, kowane layi yara 5, tsakanin layi da layi taku 2 manya, wato kana buƙatar faɗin mita 24 ko kusa da haka. Idan ka duba ta gaba, sahu 5 ke nan, kowane sahu yara 12. Ka busa usur sahun farko ya tashi, bayan daƙiƙa 5 ka busa wa na biyu. Sahu na biyar zai tashi a daƙiƙa ta 20, ya isa a ta 30. Ajin gaba ɗaya ya tsallaka cikin rabin minti, kuma babu wanda ya jira fiye da daƙiƙa 20. Waɗannan 20 ɗin ma ba a tsaye ƙiƙam za su yi su ba, masu jira su riƙa taka ƙafa a inda suke. Wani ƙaramin abu da kan ɓata tsarin: idan sahun farko ya isa can ya matsa baya don ba na bayansa wuri, to sahun ƙarshe ne zai zama a gaba wajen dawowa, ya tashi bai huta ba. Ka koya musu wanda ya fara isa ya juya ya tsaya a kan layin, na bayansa ya bi ta damansa ya koma baya. Sau biyu za ka nuna su gane.

Layukan nan su zama na dindindin har ƙarshen zango. Kowane yaro ya san lambar layinsa da wanda ke gabansa, kowane layi da shugabansa. Idan ka ce "layi!" su jeru da kansu. Kiran suna ma ya sauƙaƙa, domin layin da ke da mutum 4 ka san akwai wanda bai zo ba. Ba ka buƙatar kayan kanti wajen shata iyaka. Toka ta isa, ko robobin ruwa da aka cika da yashi. Kafin a fara, sahun farko ya taka filin a hankali yana tsince dutse, fasasshiyar kwalba da tsidau, musamman idan akwai masu gudu ba takalmi. Mai silifas ya cire, gara ƙafa tsirara a kan fili mai tsabta da silifas a wajen gudu.

Ga yadda zan kashe minti 10 ɗin a ranar tsere. Minti 3 na farko ba layi. Ka shata fili mita 30 tsawo, 30 faɗi, kowa ya shiga. Kowane yaro na da wajen murabba'in mita 15, wanda ya ishe shi idan an kafa doka ɗaya: ba taɓa juna. Su fara da tafiya mai sauri suna kaɗa hannu, bayan rabin minti ka busa su koma sassarfa, kowa inda ya ga dama, yana neman gurbin da ba kowa. Daga nan ka riƙa canja musu duk bayan daƙiƙa 20 zuwa 30: tafiyar gefe, sassarfa ana juya hannuwa gaba, sassarfa ana juya su baya, tsalle-tsalle irin na murna, sannan sassarfa kuma. Na fifita wannan a kan zagaye fili saboda zagaye tsere yake komawa. Masu ƙarfi su ruga su gama su zauna suna jira, masu nauyin jiki su iso a galabaice, kai kuma kana hango su daga nesa ba ka iya gyara wa kowa. A cikin shatar nan babu na ɗaya babu na ƙarshe, kuma duk suna inda muryarka ke kai wa. Ma'aunin ƙarfin shi ne numfashi ya ƙaru amma yaro na iya yin magana. Idan ka tambayi wani sunan unguwarsu ya kasa amsawa sai haki, ka wuce gona da iri.

Daga minti na 3 zuwa 4 da rabi su jeru a layukansu, amma sahu-sahu su buɗe, taku 2 tsakanin kowa da na gabansa, kowa ya yi aiki a inda yake tsaye. Ɗaga dunduniya a sauke sau 10, domin idon sawu da sha-raɓa. Tsugunno sau 8, dunduniya a ƙasa, ƙirji a sama, a sauka a hankali. Sannan lilon ƙafa: yaro ya dafa kafaɗar na kusa da shi, ya riƙa kaɗa ƙafa ɗaya gaba da baya sau 8, ya canja. Layi 12 ya rabu biyu-biyu daidai, babu wanda zai rasa abokin dafawa. Lilon nan shi ne wurin da ake yawan ɓatawa. Yara maza za su so nuna wanda ƙafarsa ta fi hawa sama tun daga bugun farko. Ka ce musu na farko iyakar gwiwa, kowane bugu ya ɗan fi na baya, na takwas ne kaɗai zai kai ƙugu. Alamar an wuce iyaka ita ce baya ya lanƙwashe ko ƙafar da ke ƙasa ta ɗage dunduniya.

Ban sa juya wuya da'ira ba, kuma da gangan ne. Tsere ba ya buƙatarsa, yara kuma sukan wulwula kai da ƙarfi har jiri ya ɗebe su. Idan kana son wuyan ya motsa, duba dama, duba hagu, duba ƙasa, ya wadatar.

Daga nan sai tsallakawa, minti 2 da rabi, kuma waɗannan a hankali ake yin su, mita 10 kawai. Kowanne zai ci wajen daƙiƙa 40 kafin sahu na biyar ya isa, don haka guda 3 ne za su shiga, kada ka cusa na huɗu. Na farko, tafiya ana rungumo gwiwa zuwa ƙirji a kowane taku, a ɗan ɗage a kan yatsun ɗaya ƙafar, a saki. Na biyu, dogon taku a durƙusa har gwiwar baya ta kusa taɓa ƙasa, a miƙe a jefa ɗaya ƙafar. Wannan yana buɗe gaban ƙugu, wurin da ya takure saboda zaman benci, yana kuma sa ɗuwawu da cinya aiki. Na uku shi ne na tsokar da ta ba ka matsala: tafiya ana ɗaga ƙafa a miƙe zuwa tafin hannun da ke ɗaya ɓangaren, hannun a miƙe daidai ƙugu ko ɗan sama kaɗan. Ƙafa ce ke zuwa wurin hannu. Idan ka ga yaro na sunkuyo da kai yana kai hannu wurin ƙafa, ka ce ya sauke hannun ƙasa kaɗan ya miƙe bayansa. Kuma ya sauke ƙafar da kansa, kada ya bar ta ta faɗo, domin saukewar ce ke koya wa tsokar aikinta.

Kai kuma ina za ka tsaya? Wannan tambaya ta fi yadda ake ɗaukarta muhimmanci. A wajen dogon taku da tsugunno, ka tsaya a gabansu suna tahowa wurinka, rana a fuskarka, su ta kasance a bayansu. Abu ɗaya za ka duba: gwiwa. Ya kamata ƙoƙon gwiwa ya kalli inda yatsun ƙafa ke kallo. Idan tana faɗawa ciki, tana neman 'yar'uwarta, wannan shi ne yanayin da jijiyar cikin gwiwa ke tsinkewa a wajen dira ko juyawa da gudu, kuma an fi samun wannan rauni ga 'yan mata bayan sun fara girma. Yara 12 da ke tahowa a sahu ɗaya ido na iya bin gwiwoyinsu. Yara 60 a da'ira, rabinsu ma a bayanka suke. Gyaran kuma kalma 3 ko 4 ne, da ƙarfi, ga kowa: "gwiwa ta bi yatsu". Kada ka tsayar da aji don yi wa mutum ɗaya bayani. Ka riƙe sunansa, ka same shi bayan darasi.

Minti na 7 zuwa na 8 sauri ya fara shigowa. Tsallakawa 2 na mita 15: ɗaga gwiwa da sauri-sauri, gajerun taku, hannuwa na aiki, sannan dawowa da tsallen da ake ɗaga gwiwa ɗaya ana tashi sama kaɗan. Ka saurari ƙafafunsu. Idan kana jin dim-dim, a kan dunduniya suke dira ko sun gaji. Ka ce su rage ƙara, za ka ga sun koma kan gaban tafin ƙafa da kansu ba tare da ka yi dogon bayani ba.

Minti 2 na ƙarshe su ne waɗanda tsohon tsarinka ba shi da su kwata-kwata, kuma da za a ce in zaɓi abu ɗaya da zan ƙara maka, su zan zaɓa. Gudu 3 na mita 30, da ƙarin mita 10 a gaba na rage gudu, kada a sa bango ko rami a ƙarshen. Na farko da rabin ƙarfi. Na biyu kashi 3 cikin 4. Na uku kusa da ƙurewa, amma a fara a hankali a hau, sai a mita 10 na ƙarshe a saki ƙafa. Yara ba su san rabin ƙarfi ba, da ka busa usur tsere za su yi. Dabarar ita ce ka ce a gudun farko sahun ya isa tare, kafaɗa da kafaɗa, duk wanda ya wuce sahu ya faɗi. A na biyu ka sa yaron da ke tsakiyar kowane sahu ya zama ma'auni. A na uku ne kawai kowa zai yi nasa. Bayan wannan, tsokar bayan cinya ta riga ta yi aikin birkin sau da dama da ƙaramin nauyi kafin a ɗora mata babba.

Makon farko wannan zai ci maka minti 15 ko fiye, domin koyon layi da sunayen motsi. Kada ka damu, kuma kada ka riƙa canja tsarin kowane mako don gudun kada su gaji da shi. Minti 7 na farko su zauna yadda suke har yara su haddace, ka ba kowane motsi gajeren suna da za ka kira su fara. Na ƙarshen ne ke canjawa da darasi. Ranar ƙwallon ƙafa, maimakon miƙaƙƙen gudu, a yi gudu mita 10 a taka birki cikin taku 3, a juya a dawo, a ƙara da lilon ƙafa gefe da gefe saboda matsematsi, da tsayuwa a ƙafa ɗaya daƙiƙa 20. Yaran da suka taso suna langa ba sai an koya musu wannan ba, ka dai hana bangaza. Ranar ƙwallon raga ko ta hannu, kafaɗa ce ke buƙatar kaso: juya hannuwa daga ƙaramar da'ira zuwa babba, jifa a hankali kafin jifa da ƙarfi, da tsalle a dira a kan ƙafa biyu gwiwa a lanƙwashe.

Wannan salon yana da hujja, har daga gida. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya tana da wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna FIFA 11+, wanda ya haɗa gudu, ƙarfafa tsoka, tsayuwa a ƙafa ɗaya da koyon dira. An gwada shi a Nowe kan 'yan mata 1,892 'yan shekara 13 zuwa 17, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna rauni ya ragu da kusan kashi 1 cikin 3. An sake gwada shi a gasar matasa ta Legas kan samari 416, aka wallafa a 2014, rauni ya ragu da kashi 41 cikin 100. Sai dai a yi adalci: waɗannan ƙungiyoyin ƙwallo ne da ke yin tsarin a kai a kai tsawon watanni, kuma wani ɓangare na amfanin daga ƙarfin da tsoka ke tarawa yake, ba daga ɗumin ranar kaɗai ba. Aji mai fita fili sau ɗaya a mako ba zai kwashi wannan riba duka ba. Minti 20 kuma rabin darasinka ne. Abin da za ka ɗauka daga ciki shi ne tsarin hawa-hawa da sa ido a kan gwiwa.

Game da 'yan matan ajin, sau da yawa abin da malami ke kira lalaci kunya ce. Yarinya 'yar shekara 13 ba za ta ɗaga ƙafa zuwa ƙugu ba alhali akwai namiji tsaye a bayanta. Ka ba su layukansu a gefe ɗaya, mace na bayan mace, mace na dafa mace. Ka nemi makaranta ta tabbatar suna sa wando a ranar wasanni, hijabin kuma ya zama wanda ba zai harɗe ƙafa ba. Idan da malama da za ta tsaya a ɓangarensu, ya fi.

Akwai kuma yaran da ba a yi musu tsarin bai ɗaya. Wanda ya ce ƙasan ƙoƙon gwiwarsa na ciwo, ka taɓa ka ji ɗan tudu mai zafi a saman ƙwauri, ba ƙarya yake ba. Ciwo ne da ke zuwa wa yara masu saurin tsawo a daidai wannan shekarun, kuma tsalle da durƙuso na tayar da shi. Ya yi sauran, ya bar waɗannan biyun. Mai asma, busasshiyar iska mai sanyi da ƙurar hunturu na iya tayar masa, don haka maganin shaƙarsa ya kasance a bakin fili, kuma hawa a hankali yana taimakonsa fiye da kowa. Mai sikila kada a tura shi gudun ƙure, ya sha ruwa, ya tsaya da zarar ya ce ya gaji, ba gardama. Ka san su tun farkon zango, ka sa su a layin gefe inda za su iya fita ba tare da an zuba musu ido ba.

Yanayi ma yana taɓa lissafin. Da hunturu ka ƙara wa kashin farko minti 1 ko 2, su fara da rigar sanyi a jiki su tuɓe daga baya, kuma kada ka jira ganin gumi, domin busasshiyar iska na shanye shi kafin ya fito fili. Ka duba numfashi da yadda taku ya saki. Da bazara minti 2 sun isa ɗaga zafin, amma juya gaɓoɓi da gudun hawa-hawa ba a rage su, tunda zafin rana bai koya wa tsoka birki ba.

Saura abin da nake zargi ya fi komai hannu a abin da ya faru, kuma ko da ɗumamarka ta yi kyau zai iya sake faruwa. Ɗumin tsoka ba ya zama. Da an daina motsi yake fara sauka, cikin minti 15 zuwa 20 yawancinsa ya tafi, da sanyi ma ya fi sauri. Yanzu ka duba gwajin mita 100 da yara 60. Idan shida-shida kake saki, rukuni 10 ke nan. Jerawa, busawa, rubuta sunan wanda ya ci, kowane rukuni zai ci wajen minti 2. Rukuni na tara da na goma sun zauna a ƙasa fiye da minti 15 kafin a kira su, sannan su miƙe su ruga da dukan ƙarfinsu. Ka tuna a rukuni na nawa yaron nan ya gudu. Idan daga na ƙarshe ne, ka sami amsarka.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Duk bayanin da za ka yi, na dokokin tsere da rabon rukuni, ka gama shi kafin ɗumama jiki, domin daga gudu na uku a wuce layin tashi kai tsaye. Layukanka 12 sun riga sun ba ka rukunai: rabin kowane sahu yara 6 ne. Ka shata wani ɗan fili a gefe, duk lokacin da rukuni ɗaya ke kan layi, rukunai 2 da ke biye su kasance a can suna lilon ƙafa da gudun mita 20 sau 2, ƙarƙashin wani shugaban layi. Sauran su kasance a tsaye da rigunan sanyinsu, su ne masu riƙe zare da kiran wanda ya zo na ɗaya. Idan darasin ba zai ɗauka ba, ka raba gwajin kwana biyu, yara 30 kowace rana.

Shugaban makaranta kuma kada ka yi jayayya da shi. Ka rubuta tsarin a shafi ɗaya, minti da motsi, ka haɗa da sunayen yaran da ke da asma ko sikila da waɗanda za ka so a tambayi iyayensu, ka kai masa ofis. A nan ne za ka roƙi abubuwa biyu da sai da izininsa: wandon wasanni ga 'yan mata, da raba gwajin tseren gida biyu.